Yadda ake karanta haruffa da lambobin da ke jikin ƙwayar magani

Kusan kullum sai wani ya turo min hoton ƙwaya a tafin hannu yana cewa don Allah duba min wannan maganin mene ne, an cire shi daga kwali an zuba a leda, ko an tsince shi a aljihun rigar Baba, ko kuma ɗan'uwa ne ya aiko daga waje takardar jikin kwalbar ta goge. Amsa ɗaya nake ta maimaitawa, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya yadda kowa zai iya bi da kansa.

Abu ɗaya nake so ku riƙe kafin mu fara. Rubutun da aka danna a jikin ƙwaya yana gaya maka abin da ƙwayar take iƙirarin ita ce, a ƙasar da aka yi mata rajista. Ba ya gaya maka ko ta gaske ce, ba ya gaya maka ko wa'adinta ya wuce, kuma ba ya cewa kai ya dace ka sha. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

1. Ka fara duba ko akwai gaggawa

In yaro ne ya haɗiye ƙwayar, ko babba ya sha da yawa, to ajiye wayar nan, wannan jagorar ba ta wannan lokacin ba ce. Kwashi ragowar ƙwayoyin da ledar ko kwalbar da suke ciki ku tafi asibiti, a can za a karanta rubutun. Ka lura da ƙarfe nawa abin ya faru da kuma kimanin ƙwaya nawa suka ɓace, don su ne tambayoyin farko da za a yi maka.

Gargaɗi: kar a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri wai don ya yi amai, kuma kar a ce ai yana wasansa lafiya lau bari mu gani zuwa safe. Farasitamol misali, wanda ya sha fiye da kima zai iya wuni guda ba a ga komai a jikinsa ba alhali hanta tana lalacewa, kuma maganin da ke karya shi ya fi aiki in an fara cikin awa 8.

2. Kayan aiki

Ba wani abu mai tsada. Farar takarda, biro, tocilar waya, rula irin ta 'yan makaranta mai milimita, sai waya mai kyamara da ɗan data. In kana da madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya ko agogo ya yi kyau, in babu kyamarar ta wadatar. Shafukan da ake bincike a kansu kyauta ne, datarka kawai za ka kashe, kuma yawancin masu famasi ba sa karɓar kuɗi don sun duba maka ƙwaya.

Ka wanke hannu ka busar da shi sosai. Jiƙaƙƙen yatsa yana narkar da saman ƙwaya, rubutun da kake nema ya tafi kenan. Kuma kar ka lasa ko ka gutsura don ka ji ɗanɗano, ɗaci ba ya bambance komai, magunguna ɗaruruwa ne masu ɗaci.

3. Nemi mazubin kafin ka nemi ƙwayar

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi sauƙi. Bincika durowa, jaka, ƙarƙashin filo, ko za ka samu katin da aka ɓallo ƙwayar daga ciki ko da yankakke ne, ko kwalin, ko takardar asibiti. Bayan kati yana ɗauke da sunan magani da ƙarfinsa da lambar rukuni da ranar ƙarewa, abubuwan da ƙwayar kanta ba za ta taɓa ba ka duka ba. Kati rabi ya fi ƙwaya goma tsirara amfani.

In maganin daga Amurka ya zo a irin kwalbar nan mai ruwan lemo, duba gefen takardar da ke manne, sau da yawa akwai layi ɗaya da ke bayyana kalar ƙwayar da siffarta da rubutun jikinta. In kuma akwai doguwar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwali, musamman ta magungunan Turai, je ka sashe na 6 a ƙarshe, nan ake faɗin yadda ƙwayar take. Na Faransanci da ake samu a Nijar ma haka tsarin yake.

4. Ware su gida-gida

Zuba su a farar takardar ka ware masu kama da juna waje ɗaya, amma kar ka yarda da kama ta nesa. Farare masu zagaye su ne suka fi cin mutane, za ka ga guda ashirin kamar uwa ɗaya uba ɗaya, sai ka juya su ɗaya bayan ɗaya ka ga iri uku ne. Kowace ƙwaya sai an juya ta. Wadda ta karye, ko ta jiƙe, ko rubutunta ya goge, ware ta gefe, ita ba za a yi mata bincike ba, ta fita daga lissafi.

5. Karanta rubutun, fuska biyu

Nan ne aikin yake. Kar ka haska tocila daga sama kai tsaye, hasken zai cike ramin haruffan su ɓace. Kwantar da tocilar a gefe, kusan daidai da takardar, yadda haske zai zo a kaikaice, sai ka ga inuwa ta faɗa cikin ramin rubutun ya fito raɗau. In bai fito ba zagaya da hasken ta wani gefen. Sannan ka ɗauki hoto, amma kar ka manna kyamarar a jikin ƙwayar don za ta yi dishi-dishi, ja baya kamar tsawon tafin hannu ka ɗauka, daga baya ka buɗe hoton da yatsu.

Yanzu rubuta a takarda abin da ka gani a fuskar farko, ka juya ka rubuta na fuska ta biyu, yadda suke, har da tazara da ɗan layi in akwai. In bayan babu komai rubuta babu komai, shi ma bayani ne. In akwai tambari wanda ba harafi ba, zana shi yadda ka iya.

Gargaɗi a kan haruffa masu rikitarwa: sifili da harafin O, lamba 1 da I da ƙaramin l, 5 da S, 8 da B, 2 da Z. Sai kuma matsalar kifewa, don ƙwaya mai zagaye ba ta da sama ba ta da ƙasa. 68 in ka kifa ta ta zama 89, 108 ta zama 801, M ta zama W, N in ta kwanta a gefe ta zama Z. Abin da nake yi shi ne in nemi harafi ɗaya da ba ya karantuwa a kife, kamar 4 ko 7 ko R ko G, shi zai nuna min inda sama take. In duk haruffan masu kifuwa ne, rubuta karatun biyu, za ka gwada kowanne.

Bayan rubutu sai ka ƙara abu huɗu: kala, siffa, girma, da tsaga. Kalar ka duba ta a hasken rana ba a ƙwan lantarki mai ja ba, don fari da ruwan madara da rawaya mai haske suna haɗewa da dare. Siffa ko zagaye ce, ko kamar ƙwai, ko doguwa kamar kafso, ko mai kusurwa. Girma ka ɗora ta a rula ka rubuta milimita. Tsaga kuma ita ce layin nan da ke tsakiya inda ake karyawa, wata ba ta da shi, wata ɗaya, wata gicciye.

6. Fahimci me rubutun ke nufi kafin ka yanke hukunci

Rubutun jikin ƙwaya ba shi da ƙa'ida ɗaya ta duniya, kowane kamfani shi ke zaɓar nasa. Galibi dai abu uku ne ake haɗawa: alamar kamfani, lambar da kamfanin ya ba wannan samfurin a cikin gidansa, wani lokaci kuma ƙarfin maganin ko gajeren sunansa.

Alamar kamfani irin su APO na Apotex, RDY na Dr. Reddy's, TEVA ko lamba 93 na Teva, LUPIN na Lupin. Waɗannan ba sunan magani ba ne. Kamfani ɗaya yana yin magani ɗari da wannan sunan a jiki, don haka wanda ya ce min ai LUPIN ne nake sha bai gaya min komai ba tukuna. Haka nan magungunan da ake yi a gida Najeriya, da yawa sunan kamfanin kawai ake bugawa a ƙwayar, sai ka ga farasitamol ɗinsu da wani maganin nasu daban duk rubutu ɗaya, bambancin yana girma ko kala.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka duk lambar da ke jiki miligiram ce. Wani lokaci haka ne, wani lokaci ko kusa. L484 farar doguwar ƙwaya ce, farasitamol ce mai miligiram 500, ba 484 ba. IP 464 da IP 465 da IP 466 duk aibufurofen ne, amma na farko 400, na biyu 600, na uku 800, wato lamba ɗaya ta canza a ƙarshe ƙarfin ya ninka. Kuma IP 190, mai alamar kamfani iri ɗaya, wani magani ne daban, nafurozen mai 500. AN 627 tiramadol ne mai 50. Kun ga babu yadda za a yi mutum ya zauna ya cinko wannan da kai, dole sai an duba.

Ko inda lambar ta zama ƙarfin maganin ne, akwai tarko. Maganin maƙoƙo da ake kira lebotairozin da maganin zuciya digozin da maikirogiram ake auna su, to 100 a jikinsu ba miligiram 100 ba ne, kashi ɗaya cikin goma na miligiram ɗaya ne. Magungunan da aka haɗa biyu a ƙwaya ɗaya kuma wani lokaci lambar ɗaya kawai ake bugawa. Coartem na zazzaɓin cizon sauro misali, ƙaramar rawaya mai zagaye tana da N/C a fuska ɗaya da CG a ɗaya, ita ce mai 20/120 wadda babba ke shan huɗu a lokaci guda har ya cika 24. Babbar kuma mai 80/480 guda ɗaya ake sha a lokaci, shida gaba ɗaya. Wanda ya saba da huɗu-huɗu ya samu babbar a leda ba kwali, kun ga inda matsala take.

Gargaɗi a kan haruffan SR, XR, ER, XL, CR, MR da EC: in ka gansu a ƙwaya ko a sakamakon bincikenka, maganin an yi shi ne ya riƙa sakin kansa a hankali, ko kuma kar ya narke sai ya wuce ciki. Ba a daka shi, ba a tauna shi, ba a jiƙa shi a koko don tsoho ya samu sauƙin haɗiya, in aka yi haka maganin wuni guda zai shiga jini a lokaci ɗaya. Karyawa ma sai wanda takardarsa ta yarda, kamar Diamicron MR mai DIA 60 a jiki, shi ana raba shi biyu a kan tsagarsa amma ba a niƙa shi. Kuma rashin ganin waɗannan haruffan a jikin ƙwaya ba ya nufin ba irinsu ba ce, da yawa a kwali kawai ake rubutawa.

Kala ita kaɗai kuwa kar ka dogara da ita ko kaɗan. Wafarin, maganin tsinka jini, a Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ne, a Birtaniya mai ruwan hoda miligiram 5 ne. Magani ɗaya, kala ɗaya, ninki biyar, kuma magani ne da in ya yi yawa jini ke ɓallewa.

7. Bincike a waya

Shafin da na fi amfani da shi shi ne Drugs.com, sashen da ake kira Pill Identifier, WebMD ma suna da irinsa. Za ka ga gurbin rubutu, da wurin zaɓen Color da Shape. Fara da rubutun kaɗai, fuska ta farko, tazara, sai fuska ta biyu, kar ka zaɓi kala da siffa tukuna, saboda abin da kai ka kira ruwan lemo su wataƙila peach suka rubuta, kana zaɓar kalar da ba ita ba sai su ɓoye maka amsar gaskiya. In sakamako ya yi yawa sannan ka rage da Shape, don siffa ta fi kala tabbas. In bai fito ba, cire tazarar, ko ka juya tsarin fuskokin, ko ka musanya haruffan nan masu rikitarwa, O ta koma 0, I ta koma 1. In akwai tambari bar shi ka shigar da sauran.

Amsa ba ta karɓuwa sai komai ya dace: rubutun fuska biyu, kala, siffa, girma, tsaga, kuma hoton da suka nuna ya zama tamkar ƙwayar da ke gabanka. Huɗu sun dace ɗaya bai dace ba, to ba ita ba ce. Gajerun rubutu irin harafi ɗaya da lamba biyu su suka fi haɗari, don kamfanoni da yawa suna amfani da iri ɗaya a kan magunguna mabambanta, kar ka ɗauki na saman jeri kawai don shi ya fara fitowa.

Yanzu ga iyakar da dole ku sani. Waɗannan shafukan na magungunan kasuwar Amurka ne, saboda can doka ta tilasta a sa wa kusan duk ƙwayar magani alamar da za a gane ta da ita, aka kuma tattara su wuri ɗaya. Mafi yawan abin da ke kemis ɗinmu a Kano ko Maraɗi daga Indiya yake ko China ko na gida, an yi shi don kasuwarmu, ba ya cikin wannan rumbun. Abu biyu ke faruwa. Ko dai ba ka samu komai ba, wannan da sauƙi. Ko kuma ka samu wata ƙwayar Amurka da rubutunta ya zo ɗaya da taka bisa katari, ka tafi da sunan da ba shi ba, wannan shi ne mai kisa. Don haka tambayi kanka daga ina ƙwayar ta fito tun kafin ka yarda da allon. Greenbook, shafin NAFDAC na magungunan da ta yi wa rajista, yana da amfani, amma da sunan magani ko lambar rajistar da ke kwali ake bincike a ciki, ba da rubutun jikin ƙwaya ba. Bitamin da magungunan ƙarin kuzari da na gargajiya da aka matse su kamar ƙwaya kuwa, ko a Amurkan ma yawanci ba su da alama.

8. Misali daga farko zuwa ƙarshe

Wata baiwar Allah ta zo min da robar man shafawa da aka wanke, cike da ƙwayoyin mahaifinta. Ƙaninta da ke Amurka ne ya aiko, kwalaben sun yi wa tsohon wuyar buɗewa sai aka juye duka a roba ɗaya aka yar da su. Ta ce, "Malam, Baba ne kwana biyun nan in ya miƙe sai jiri, kuma cikinsa na zafi. Don Allah duba min ko a cikin waɗannan ne."

Muka zuba a takarda muka ware, iri uku. Ta farko ƙarama ce mai zagaye ruwan hoda, LUPIN a fuska ɗaya, 10 a ɗaya. Ta biyu fara mai zagaye, ta fi ta farkon girma, da G da 10. Ta uku babbar fara doguwa, IP 466, bayanta babu komai. Da yake mun san daga Amurka suke, shafin ya dace da su.

Ta farko ta fito Lisinopril 10 mg, maganin hawan jini, a nan 10 ɗin ƙarfin maganin ne da gaske. Na nuna mata cewa mai 20 ta kamfanin ma ruwan hoda ce, shi yasa muka juya kowace ɗaya muka tabbatar duk 10 ne. Ta biyu, ita Hajiya ta ɗauka ita ma miligiram 10 ce ta wani abu. Muka shigar, sakamako fiye da ɗaya ya fito, muka bi hoto da girma da siffa, wadda ta dace ita ce Metformin 500 mg, maganin suga. Lamba ɗaya a ƙwaya biyu, a ɗaya ƙarfi ce, a ɗaya lambar samfuri kawai. Na tambaye ta ko Baba na da suga ta ce eh, wannan ya ƙara mana natsuwa, don amsar da ba ta dace da ciwon mai maganin ba abin tuhuma ce. Ta uku Ibuprofen 800 mg.

Sai na ce, "Hajiya, wannan babbar yaya yake shan ta?" Ta ce ai farasitamol ɗin waje ce, biyu yake sha safe da dare saboda gwiwa. Wato miligiram 1600 a lokaci guda, 3200 a wuni, ga tsoho mai hawan jini da suga, kuma irin wannan maganin yana cin ciki yana taɓa ƙoda, ballantana an haɗa shi da lisinofiril. Na sake tambaya ko akwai wani magani da yake sha banda waɗannan, ta ciro kati daga jaka na asibitin da yake zuwa a nan gida, ina dubawa lisinofiril ne shi ma mai 10, sunan kasuwa daban, kala daban. Baba yana shan magani ɗaya sau biyu yana ganin iri biyu ne.

Ban ce mata ga abin da ke sa jirin ba, wannan aikin likita ne. Abin da na ce shi ne a dakatar da babbar farar daga yanzu, a kai shi asibiti a yau ba gobe ba a auna jininsa a duba ƙoda, a tafi da robar da katin da takardar da muka rubuta, kuma in an ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta ko ya yi aman jini to gaggawa ce. Na hawan jinin da na sugar kuma likitan ne zai ce wanne za a ci gaba da shi.

9. Kai wa mai famasi ya tabbatar

Ko ka samu amsa ko ba ka samu ba, matakin nan ba a tsallake shi. Ka je famasi mai rajista inda akwai wanda ya karanci harhaɗa magunguna, ba teburin tasha ko mai yawo da kwali a ka ba. Tafi da ƙwayar kanta ba hoto kaɗai ba, da takardar da ka rubuta, da duk wani magani da mai shi ke sha. Abin da mai famasi zai iya wanda waya ba za ta iya ba shi ne ya ɗauko kwalin da yake zargi daga kanta ya ɓallo ɗaya ya ajiye kusa da taka, ga magungunan kasuwarmu wannan ita ce hanya mafi ƙarfi. In ya ce bai gane ta ba, ka gode masa, ya fi wanda zai kalla daga nesa ya ce ai na maleriya ne.

Gargaɗi: irin haɗin nan da ake ƙirgo ƙwaya biyar shida kala-kala a ƙulle a leda, yawancinsu ba rubutu a jiki ko kuma rubutun bai isa a gane su ba. Tun a wurin saye ka ce a ba ka a katinsu, ko a rubuta maka sunan kowanne.

Wata magana kuma da ke damuna. Wasu suna ɗaukar ƙwayar miji ko mata ko 'yar aiki a ɓoye su zo a karanta musu don su san ciwon da mutum ke ɓoyewa. Magani ɗaya yana yin aiki fiye da ɗaya, tenofobir misali ana ba mai cutar ƙanjamau ana kuma ba mai ciwon hanta, kuma na ga inda karatun kuskure ya kusa raba aure. In ba lafiyar mutum ce ke cikin haɗari ba, tambaye shi.

10. Rubutu ya dace, amma ta gaske ce?

Masu jabu suna da ƙarfen buga rubutu su ma. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Coartem da ke yawo a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma a Amurka shuɗiyar ƙwayar nan mai M da 30, wato maganin kashe zafin ciwo oksikodon, ana buga jabunta da fentanil, wani magani mai bugarwa mai tsananin ƙarfi, a ciki tana kashe mutane, rubutun kuwa daidai. Akwai alamun da ke tona wasu: rubutu wani wuri zurfi wani wuri sama-sama, haruffa a karkace, baki yana marmashewa, gari a ƙasan leda, ɗigo-ɗigon kala, ko ƙwayoyin kati ɗaya wata ta fi wata kauri. In ka ga haka kar ka sha. Amma jabu mai kyau ido ba ya kama shi, sai ɗakin gwaji. Abin da ke hannunka shi ne kwalin: lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar ƙarewa su zama iri ɗaya a kwali da kati, in kuma akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar zuwa inda aka rubuta a jiki. Tiramadol kuwa da ka ga an buga 200 ko 225, ba sai ka bincika ba, 50 da 100 ne kawai aka amince da su a Najeriya.

11. Me za a yi da ƙwayoyin bayan nan

Wadda ba a gane ba, ba a shan ta, ko da kuwa da tsada aka saye ta. Wadda aka gane amma ba a san ranar ƙarewarta ba, ko ta daɗe a leda cikin zafin nan namu, shawarata a sayi sabuwa, musamman na zuciya da farfaɗiya da suga inda raguwar ƙarfi ke da illa. Kar a watsa su a bola inda yara da awaki ke tono, mayar wa famasi ka tambaya ko suna karɓa, in ba sa karɓa cakuɗa su da ƙasa ko tokar murhu a ƙulle a leda biyu kafin a zubar.

In kuma tsoho ne kwalba ke ba shi wuya, a sayi ɗan akwatin nan mai gida bakwai na kwanakin sati, mutum ɗaya a gidan ya riƙa cikawa duk Juma'a daga kwalayen asali, kwalayen kuma a ajiye su har maganin ya ƙare. Ranar da aka sayo sabon magani, ɓallo ƙwaya ɗaya ka ɗora a kan kwalinta ta wajen da sunan da ranar ƙarewa suke, ka ɗauki hoto, ka juya ta ka sake ɗauka. In wata na gaba an ba ku ƙwaya mai wata kala ko wani rubutu daban, buɗe hoton tun kana gaban kanta ka tambaya ko kamfani aka canza ko maganin.